Ganuwar Kano da katangar York: kowace da abokin gabanta

Shekara huɗu ke nan ina zaune a York, a arewacin Ingila, kuma duk baƙon da ya zo mini daga gida sai na hau da shi katangar garin. Ta dutse ce, tsawonta bai kai kilomita huɗu ba, a awa biyu an gama zagaye ta. Kwanaki na hau da wani ƙanena, ya shafa dutsen ya ce, "Yaya, waɗannan su ne suka yi gini. Mu kakanninmu ƙasa kawai suka tara." Na yi shiru a lokacin, amma maganar ta tsaya mini a rai, don a ganina bai fahimci abin da aka gina ganuwa dominsa ba.

Katangar York ta matse gari ne kamar ɗamara. Ganuwar Kano kuwa, wadda aka ce Sarki Gijimasu ya aza harsashinta, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, ta fi ta York tsawo ninki huɗu ko fiye. Ba don gidaje sun cika cikinta ba ne. Da matafiyi Bajamushe Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya tarar da mutane sun taru ne a kudu da Dala, sauran kuwa fili ne da gonaki. Wannan filin shi ne dabarar. In mahara suka taso, mutanen ƙauyuka su koro shanu da jakuna su shigo, a rufe ƙofa. Ga wurin kiwo, ga rijiyoyi, ga ruwan Jakara, ga gero a rumbu. Wanda ya yi sansani a waje shi yunwa za ta fara ci, ga dawaki na neman harawa, ga dakarunsa manoma ne da hankalinsu zai koma gona da zarar hadari ya haɗo.

Ginin ma da lissafinsa. A gindin ganuwar ake haƙar jar ƙasa, a kwaɓa ta da ciyawa, a mulmula tubali a shanya. Ramin da aka bari shi ne gwalalo, a cika shi da sarƙaƙiya. Aiki ɗaya, kariya biyu. Gindin ganuwar kauri ne da shi sosai, tana tashi tana sirancewa, ta ciki kuma ga badala inda 'yan baka ke tsayawa. Abokin gaba a ƙasar Hausa barde ne a kan doki, kuma doki ba ya tsallake rami cike da ƙaya, balle ya hau bango. Dole sai ta ƙofa. Shi ya sa ake janye ƙofar ta shige ciki, ganuwa ta rungumo hanyar ta dama da hagu, mai nufo ƙyaure kibiya na zubo masa ta gefe biyu. Ran da na fara ganin shingen da ke gaban ƙofar Walmgate a nan York na yi dariya, don tunanin ɗaya ne: matse maƙiyi a lungu kafin ya taɓa ƙyaure.

Har igwa ma ƙasa ba ta ba da kunya ba. A Fabrairun 1903, lokacin Sarkin Kano Alu ya tafi Sakkwato, rundunar Turawan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland ta yi ta harbin ganuwar, harsashi na nutsewa cikin ƙasa kamar an jefa dutse a taɓo. Sai da suka bar inda suka fara, suka nemo ƙofar da bakin igwa zai iya fuskanta kai tsaye, sannan suka shiga ta wajen Kabuga. Ƙyaure ne ya gaza, kamar yadda ya faru a Bebeji kwanaki kaɗan kafin nan.

Inda zan ba ƙanena gaskiya shi ne wajen ruwa. Dutsen York ko an yi shekaru ba a kula shi ba yana nan tsaye. Ganuwar ƙasa kuwa kowace damina sai ta ci rabonta: ruwa ya yi kwari a jikinta, gindi ya zaizaye, tsaga ta buɗe. Sai an yi gayya da rani, kowane ɓangare da masu yaɓe shi. Maƙiyi ma abin da yake dubawa ke nan, in ya ga awaki na hawa ganuwa suna sauka, ya san sarkin garin ba ya iya tara jama'a. Tun da aka daina fargabar hari gayyar ta mutu. Zuwana gida na ƙarshe na bi ta wajen Ƙofar Na'isa, na ga inda ganuwa ta koma tudu, yara na sulu a kanta.