Sikafol ya faɗi, an share wuri, sannan a zargi inshora

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne ƙorafin wani ɗan kwangila a nan Birnin Kebbi, wanda ke gina bene mai hawa uku. Iskar farkon damina ta kayar da sikafol ɗinsa, wato katakai da ƙarafan da magina ke takawa. Birkila ya karye a cinya, bangon da aka yi wa sabuwar filasta ya zube, katako ya faɗa kan motar maƙwabci. Kafin azahar ya sa leburori sun kwashe komai, ya kai birkila asibiti, ya ce wa maƙwabci, "Alhaji, laifinmu ne, zan gyara maka." Sai da aka yi mako uku ya tuna da kamfanin inshora. Yanzu yana bin majalisu yana cewa inshora cuta ce, kuma jama'a na taya shi.

Ni ban taya shi ba. Kai birkila asibiti daidai ne, rai ya fi komai. Sauran abin da ya yi kuwa, da hannunsa ya yaga takardarsa.

Inshorar da 'yan kwangila ke saya, wadda ake cewa ta duk haɗurran aikin gini, tana da sharaɗi a rubuce: a sanar da kamfani nan take, ta waya da kuma a rubuce. A yawancin takardun ma an ce in kwana 14 suka wuce ba sanarwa, kamfani ya fita daga alhaki. Sanarwar ba ta buƙatar lauya, ba ta kuma jiran a gama lissafin asara. Lambar takardar inshora, rana da lokaci, wurin ginin, abin da ya faɗi, wa ya ji rauni, dukiyar wa ta lalace. Shi ke nan. In ta hannun dillali aka saya, a tura masa, amma a tabbatar kamfanin ya amsa cewa ya gani.

Babbar ɓarnar ita ce sharar wuri. Mai kimanta asara da kamfani zai turo, galibi daga wani gari yake tahowa, kuma tarkacen nan ne shaidarsa. A jikinsu zai gane ko iska ce ta yi ƙarfi, ko ba a ɗaure sikafol da bango ba, ko ƙasa ce ta jiƙe ƙafafunsa suka nutse, ko an jibga masa bulo fiye da kima. An yarda ka tokare abin da ke shirin faɗuwa, ka kewaye wuri, ka rufe siminti kada ruwa ya same shi. Amma ka ɗauki hoto da bidiyo tukuna, ka adana karyayyun katakai da ƙarafa, ka rubuta sunayen waɗanda suka gani. Mutuminmu ya sa an yi itacen girki da nasa. Masu cewa barin tarkace tonon asiri ne, asirin da dukan unguwa ta ji ƙararsa suke ɓoyewa.

Sai maganar "laifinmu ne". Na san tarbiyya ce ta sa shi faɗa, amma takardar ta hana amsa laifi ko alkawarin biya ba da izinin kamfani ba. Ka je ka jajanta wa maƙwabci, ka gaya masa kana da inshora, ka miƙa wa kamfani duk takardar da ya aiko. Motarsa tana cikin ɓangaren inshorar da ke biyan mutanen waje.

Birkilan kuwa ba ya cikin wannan ɓangare, kuma nan ne 'yan kwangilarmu ke yaudarar kansu. Raunin ma'aikaci na ƙarƙashin dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke kula da ita, kuma dokar ta ba mai aiki kwana 7 ya kai rahoto. Sanarwa biyu ke nan, zuwa wuri biyu. Wanda bai taɓa yi wa leburorinsa rajista ba, ya shirya aljihunsa.

Shi kansa sikafol ɗin, in ba a sa kuɗinsa cikin jerin kayan aiki lokacin sayen inshora ba, ba a biyansa. Haka jinkiri: tarar da mai gini zai yanka maka saboda ka wuce ranar miƙa aiki tana cikin abubuwan da takardar ta cire ƙarara. Abin da ke hannunka shi ne ka rubuta wa mai gini ka nemi ƙarin lokaci, ka kuma nemi kamfani ya tsawaita wa'adin inshorar, domin in aiki ya ƙara wata biyu, watannin nan ba su da kariya sai an biya musu.

Ban ce kamfanoni ba sa jan ƙafa ba. Suna yi, kuma NAICOM, hukumar da ke sa ido a kan kamfanonin inshora, na karɓar ƙorafi a kansu. Amma ƙorafi da takarda ake kai shi. Ya kamata ma'aikatar ayyuka ta jiha ta daina sa hannu a kwangila sai ta ga an manna lambar wayar kamfanin inshora a ƙofar wurin gini, inda ko mai gadi zai iya karantawa ya kira.