Kuɗin kafin alƙalami kan gidan da ba a gina ba

"Na biya rabin kuɗin gida a wani rukunin gidaje a Abuja, wata goma ke nan ko bulo ba a ƙara ba. Ina mafita?"

Ɗan'uwa, Allah ya fitar maka da haƙƙinka. Fara da ɗauko yarjejeniyar da ka sa wa hannu. Idan takardar rabon gida da rasit kaɗai ke hannunka, matsayinka na mai bin bashi ne, domin takardar mallakar filin tana hannun kamfanin. Je ofishin AGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filayen Abuja, a bincika maka fayil ɗin filin: sunan wa ke kai, kuma an jinginar da shi a banki? Wannan ya fi komai tayar mini da hankali, don in an jinginar kuma kamfanin ya durƙushe, banki ne zai fara ɗiba kafin kai.

Yayana ya faɗa irin wannan. Gidan miliyan 30, ya ba da 15 tun ana haƙa tushe, ginin ya tsaya a linta har ciyawa ta rufe yashin. Abin da ya cece shi sakin layi ɗaya ne da lauyansa ya dage a saka: in an wuce ranar miƙa makulli da wata shida, a mayar masa da kuɗinsa. Da wannan sakin layin suka rubuta wasiƙar neman biya, suka kai ƙorafi FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye. Kuɗin ya dawo kashi-kashi har sau uku, amma lokacin buhun siminti ya ninka.

Kada ka ƙara ko kwabo sai injiniyanka ya ga aikin da ido. Ku haɗu da sauran masu saye ku ɗauki lauya ɗaya, kuma a duba ko yarjejeniyar ta ce sai an je sulhu kafin kotu.