Gizo ya je Rasha, amma don Allah a bar masa ƙurunƙus ɗinsa

Jama'a akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Wani abokina da muka yi karatu tare a Rasha, matarsa Barashiya ce, ya turo mini tatsuniyar gayyar Gizo da ya juya zuwa Rashanci saboda yaransa. Kun santa ai, Gizo ya kira gayya gonarsa, kaza ta zo, muzuru ya cinye ta, kare ya zo, sai kura, sai damisa, har zaki. To shi gogan naka sai ya dunƙule zuwan dabbobin nan duka a layi biyu, wai maimaici zai gundure su. Na ce haba malam, ai ka yanke mata jijiya!

Yaran Rasha fa da maimaici aka raine su. Tatsuniyarsu ta Repka ba komai a ciki sai jan wani tushe kamar rogo, kaka ya ja bai fito ba, aka kira tsohuwa, aka kira jika, kare, kyanwa, har ɓera, kuma duk wanda ya zo sai an sake jero sunayen tun daga farko. To don me za ka ji kunyar namu? Duk dabbar da ta iso, Gizo ya yi mata tambaya iri ɗaya, ta ba da amsa iri ɗaya, kar a canja ko kalma, domin a zagaye na uku yaro zai riga ka faɗa, nan ne daɗin yake. Ita ma gayya Rashawa suna da kalmarta, taloka, aikin taron ƙauye kenan.

Inda muka fi yin musu shi ne rufewa. Ya sa nasu, wot i skazke kanyets, a kto slushal maladyets, wato tatsuniya ta ƙare, wanda ya saurara ya yi ƙoƙari. Yana da kari mai daɗi, ban musa ba, amma yabon mai sauraro ne. Namu kuwa mai bayarwa ne yake wanke kansa: ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ba don Gizo ba da na yi ƙarya. Rashawa suna da mai kama da wannan, inda mai labari ke cewa ni ma ina wurin, na sha zuma da giya, ta bi gashin baki amma ba ta shiga baki ba, kenan kunnen yaran ya saba da irin wannan zolayar.

Na ce ya bar ƙurunƙus yadda take, sai dai ƙ ɗin ta koma k tunda ba su da ita, sannan ya fassara maganar Gizo kawai. Jiya ya turo mini muryar 'yar autarsa, ta gama shan miya ta ture kwano tana cewa kurunkus.