Ciniki da Faransanci: "je souhaiterais que" bai isa ba in babu lamba da rana

Ni ɗan Maradi ne, shekaru na nan ina zaune a Lyon, kuma abin da na daɗe ina son in faɗa wa 'yan uwa masu zuwa ƙasar nan shi ne, Faransancin da muka koya a lakwal daban, na ciniki daban. A gida in ka shiga babbar kasuwa ai ba da farashi kake farawa ba, sai ka gaisa, ina kwana ina gajiya yaya iyali yaya kasuwa, sannan ka taya, mai kaya ya ce albarka, ka ƙara, ya sake cewa albarka, ka yi kamar za ka tafi ya kira ka, ƙarshe ya ce kawo kuɗi na sallama, kai kuma ka ce to a yi mini gyara. Duk ladabin yana cikin gaisuwa da fuska da murya. A nan kuwa rabin cinikin a rubuce ake yin shi, ta imel ko saƙon waya, mutumin bai ga fuskarka ba, don haka ladabin gaba ɗaya ya koma cikin yadda ka juya aikatau.

In ka rubuta wa mai aiki "je veux que vous baissiez le prix", nahawu daidai ne, amma kunnen Bafaranshe zai ji kamar kana ba yaronka umarni. Sai a ce "je souhaiterais que", ko "j'aimerais que", ko "il faudrait que". Wannan "-rais" ɗin na ƙarshe shi ke sassauta magana, kamar yadda mu za mu ce da za ka taimaka ka ɗan rage. Kuma duk aikatau ɗin da ya biyo bayan "que" a irin waɗannan jimlolin dole ya shiga sigar da mushe ya koya mana da sunan "subjonctif": "que vous fassiez", "que vous puissiez", "que le travail soit terminé". Mutane na tsoron sigar nan kamar wani dodo, alhali wallahi mu Hausawa muna da ita a bakinmu tun muna goye. Dubi "za ka rage" da "ina so ka rage", ko "ya zo jiya" da "kafin ya zo". Bayan ina so, bayan kafin, bayan don, bayan gara, aikatau ɗinmu na komawa sigar abin da ake buƙata amma bai auku ba tukuna, to haka Faransanci yake yi bayan "je souhaiterais que", "avant que", "pour que", "à condition que".

Inda Hausa ke jan ƙafarmu wuri biyu ne, kuma na ga 'yan uwa da yawa sun faɗa ciki. Mu muna cewa ina so in biya sau biyu, sai mutum ya kwaso shi haka ya rubuta "je souhaiterais que je paie", to a Faransanci in kai mai so kai ne mai yi, babu "que", sai dai "je souhaiterais payer en deux fois". Sai in wani ne zai yi aikin "que" ke shigowa. Na biyun shi ne fata. Ina fata da ina so a wurinmu 'yan uwan juna ne, amma "j'espère que" ba ya ɗaukar waccan sigar, cewa ake "j'espère que vous pourrez", ba "puissiez" ba.

Amma ba don nahawu kawai na zauna rubutun nan ba. Abin da ya fi damuna shi ne yadda jimlar nan mai daɗin ji ke sa mu manta da ainihin cinikin. Lokacin da na fara kiran mai fenti ya gyara mana ɗakuna, ya aiko da takardar ƙiyasin kuɗi, wadda a kanta aka rubuta "devis", na zauna na tsara jimla mai kyau, na ce "je souhaiterais que vous fassiez un effort sur le prix et que les travaux soient terminés rapidement". Babu kuskure ko ɗaya a ciki. Ya amsa cikin ladabi shi ma, ya cire yuro 50, ya ce zai yi aikin "dans les meilleurs délais", wato da zarar hali ya yi. Na sa hannu. Aikin da na zaci na mako ɗaya ne ya kwashe kusan wata biyu, kayanmu na tare a falo, yara na kwana a katifa ƙasa, kuma duk sanda na kira shi ba ni da ranar da zan nuna masa a takarda in ce ga abin da muka yi da kai. Akwai dokar masu saye a Faransa da ta ce in ba a sa rana ba to kada a wuce kwana 30 bayan ƙulla yarjejeniya, amma kafin ka yi amfani da ita sai ka aika wasiƙar gargaɗi ka ba shi ƙarin lokaci, kuma mutumin da ya riga ya kankare bangon ɗakinka ba shi ne kake son ka fara shari'a da shi ba.

Da na yi tunani sai na ga abin da na yi a Lyon ba zan taɓa yin shi a Maradi ba. Wa zai je wurin mai shadda ya ce don Allah ka yi ƙoƙari a kan farashi, ya tsaya nan? Ai sai ka taya, ka ce na saya jaka goma sha biyu, shi ya san inda ka tsaya. Tayi lamba ne. Ladabin Faransanci ya ɗauke mini hankali har na aika roƙo a wurin da ya kamata in aika tayi. Ta fannin lokaci kuwa a nan ne na ga tsarinsu ya fi namu, don tela a gida zai ce maka jibi in sha Allahu, kai da shi kun san jibin na iya kaiwa jajibirin salla, abin da ke riƙe shi kunya ce da sanayya, ya san babanka, kuna salla masallaci ɗaya. A nan mai aikin bai san kowa naka ba, abin da ke riƙe shi shi ne abin da aka rubuta a takardar da kuka sa wa hannu.

Da muka sake gida na nemi wani mai fentin, ƙiyasinsa yuro 2400 na ɗakuna uku. Wannan karon na raba saƙon biyu. Na farko farashi, kuma na haɗa da abin da ni zan ba shi:

"Je souhaiterais que vous revoyiez le prix à 2100 euros, sachant que je vide les pièces moi-même."

Wato ina so ka sake duba farashin ya dawo 2100, tunda ni zan kwashe kayan ɗakunan da kaina. Ku lura da "revoyiez", akwai y akwai i, ba kuskuren rubutu ba ne. Dalilin kwashe kayan kuwa, mai aiki a nan awanni yake lissafawa, in ka rage masa rabin yini na ɗaga gado da kabad ka ba shi hujjar da zai rage kuɗi ba tare da ya ji an raina aikinsa ba. Na biyu shi ne lokaci:

"Je suis prêt à signer cette semaine, à condition que les travaux soient terminés au plus tard le 15 juin et que cette date figure sur le devis."

A ganina "à condition que" ya fi "je souhaiterais que" amfani nesa ba kusa ba, duk da sigar aikatau ɗaya suke ɗauka. Na farkon sharaɗi ne, na biyun buri ne. In ka ce "je souhaiterais" ka bar wa mutum ƙofa a buɗe ya ce a'a ba tare da kowa ya ji kunya ba, shi ya sa ya dace da farashi, inda dama kana shirye ku haɗu a tsakiya. Amma ranar gama aiki, in har da gaske ba za ka iya ɗaga ta ba, kada ka sa ta cikin buri, ka ɗaura ta da sa hannunka. Kuma "au plus tard le" da ranar a lamba, ba "rapidement" ba, ba "bientôt" ba.

Ya amsa washegari, ya ce 2200 zai iya, ranar kuma ya yarda, sannan ya ƙara da "il faudrait que vous me versiez 30 % à la signature". Kun ga shi ma da irin sigar ya zo mini, kuma a nan ne ya kamata mutum ya iya jin nauyin maganarsu. "Il faudrait que" a bakin mai aiki ba shawara ba ce, kusan dole ce aka naɗe ta da ladabi, in kuma ya koma "il faut que" to babu sauran ja. Na karɓi 2200 ɗin, na tura kashi 30 cikin ɗari, yuro 660, na rubuta cewa sauran 1540 "dès que les travaux seront terminés". Shi "dès que" ba ya ɗaukar waccan sigar, aikatau ɗin nan gaba ne na yau da kullum, "seront" ba "soient" ba.

Wani abu da na duba kafin in tura kuɗin shi ne sunan da aka ba kafin-alƙalamin a takarda, don suna biyu ne kuma hukuncinsu ba ɗaya ba. In an rubuta "acompte", ku biyun kun ɗaure, ba mai fasawa sai da biyan diyya. In "arrhes" ne kana iya fasawa amma kuɗinka sun tafi, in shi ya fasa zai mayar maka ninki biyu, kuma in ba a rubuta komai ba doka na ɗaukarsu a matsayin "arrhes". Nawa "acompte" aka rubuta, na bar shi haka don ba ni da niyyar fasawa.

Kada kuma wani ya ɗauki jimlolin nan ya kai su ko'ina. A babban kanti babu ciniki, farashin da ke jiki shi ke nan. A kasuwar gwanjo ta ranar Lahadi, in ka ce wa mai tsohon keke "je souhaiterais que" zai ga kamar daga ofis ka fito, can "vous me le faites à combien ?" ya wadatar, kuma can ne cinikin ya fi kama da namu. A Leboncoin, shafin intanet da mutane ke tallar kayansu, ka duba ko mai kaya ya rubuta "prix ferme", in ya rubuta to albarka ce ya faɗa tun kafin ka taya, in kuwa "à débattre" ne ka aika lambarka. Wurin "je souhaiterais que" shi ne takarda, wurin mai gini, mai gareji, mai gidan haya, ko wanda kake neman ya ɗaga maka ranar biya.

Mai fentin ya sake aiko da takardar da 2200 da ranar 15 ga Yuni a jiki, na rubuta "bon pour accord" na sa kwanan wata na sa hannu. Ranar 13 ya kwashe tsaninsa da bokitansa, na zagaya ɗakunan na duba kusurwoyi da bakin tagogi, da yamma na tura masa sauran kuɗinsa.