Rigimar Baba da ɗan digiri a kan buhun wake

A sitocin hatsi irin na kasuwar Dawanau akwai wata gardama da ake yawan yi idan kaka ta yi an fara ɓoye wake. Dattijon da ya tsufa yana kula da sito ya saba da abu ɗaya, a zuba wake a buhu a jefa ƙwayar magani ko a yayyafa fiya-fiya a rufe ƙofa sai bazara. Sai ga yaro ya gama karatun noma a jami'a an kawo shi sito, ranar farko ya ce Baba wannan guba kuke ba mutane, a koma buhun PICS. Baba ya ce ɗana tun kafin a haife ka nake ajiye wake.

Ni dai a kan maganar guba ina tare da yaron. Fiya-fiya ba a yi shi don abinci ba, kuma ragowar irin wannan magani ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Shi kuwa buhun PICS, wanda masana a jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, leda biyu ne masu kauri a cikin buhu na waje, ana matse iska a ɗaure kowace leda daban, ƙwarin da ke ciki su shaƙe ɗan iskar da ta rage su mutu, ba ko ɗigon magani.

Amma fa abin da Baba ke tsoro gaskiya ne, yaron ne bai tsaya ya ji ba. Waken da bai gama bushewa ba in ka kulle shi a leda zai yi gumi ya yi funfuna ya canza kala, kuma Baba da haƙori yake ganewa, in ya ciji ƙwaya ta fashe ƙaras to ta bushe, in ta lotse a mayar rana. Sannan in ledojin suka huje iska za ta iya shiga ƙwari su ci gaba da rayuwa, ga ɓera, ga 'yan dako masu jan buhu a ƙasa, ga mai saye da zai soka ƙarfe ya ga samfur. Wa zai biya maigida in buhu ɗari suka lalace? Baba za a tambaya ba ɗan digiri ba.

Maigida ne ya kamata ya raba gardamar, ya ware buhu goma a gwada. Baba ya tantance bushewa, a sheƙe waken a cire tsakuwa da ƙaiƙayi masu huda leda, yaron ya hura kowace leda ya duba ba ta yoyo, a jera kan katako nesa da bango, kada kowa ya buɗe sai lokacin sayarwa, ranar kuma a kwance a gaban su biyun a lissafa kuɗin buhu da kuɗin magani.