Silaid Nawa Ga Jawabin Minti 20?

"Minti 20 za ni yi gaban 'yan kasuwa a Yamai, an ce mini silaid guda kowane minti, ke nan 20?"

A'a ɗan'uwa, wannan lissafin ne ke kada mutane. Cire minti 5 na tambayoyi tukuna, saura 15, kuma silaid mai jadawalin ciniki ko farashi yana cin minti 2 har 3 kafin mutane su gane shi, ka ga 7 ko 8 sun ishe ka. In sun yi yawa sai ka ga idon kowa na kan allo suna karatu ba mai sauraronka, kai kuma kana ta dannawa da gudu har ka tsallake wurin kuɗin da kake nema. Gwada a gida da agogo wallahi, wanda ka wuce cikin daƙiƙa 10 cire shi.