Baka ɗaya da ba a rufe ba ta cinye makin yara, kuma ba wanda ya damu

Na kwana ina duba takardun gwajin lissafi, kuma wallahi raina a ɓace yake. Ba yaran da ba su iya ba ne suka ɓata mini rai, waɗannan na san yadda zan yi da su. Waɗanda suka ƙona mini zuciya su ne waɗanda suka iya. Yaro ya fahimci tambaya, ya jero matakai tsaf, layi bayan layi babu inda za ka sa jan biro, sai a layin ƙarshe, wurin da zai danna kalkuleta kawai ya kwafi amsa, nan komai ya rushe. Ya yi noma, ya yi girbi, ya zo bakin rumbu ya zubar.

Ga tambayar. Wani abu yana ƙaruwa da kashi 5 cikin ɗari kowace shekara, shekara nawa zai ɗauka kafin ya ninka? Kusan kowa ya kira yawan shekarun n, ya rubuta 1.05 a fawar n, wato n ƙarama a kafaɗar 1.05, daidai yake da 2, ya ɗauki logaridim na ɓangarorin biyu, ya sauko da n ƙasa, ya samu cewa n shi ne log 2 a raba da log 1.05. Har nan lafiya lau. Amsar ita ce 14.21, wato shekara 14 da 'yan watanni. To amma abin da na yi ta gani a takarda bayan takarda shi ne 1.97. Da farko na ɗauka satar amsa suka yi daga mutum ɗaya. Sai da na ɗauko kalkuleta irin tasu na danna yadda mai gaggawa zai danna, sai ga 1.97 ta fito mini ƙuru-ƙuru.

Abin da ke faruwa shi ne, a yawancin kalkuletocin kimiyya na yanzu, da ka taɓa maɓallin log, na'urar da kanta take buɗe maka baka, wato lanƙwasasshiyar alamar nan da ake killace lissafi a cikinta. Ba kai ka buɗe ba, don haka ba ka tuna cewa akwai abin rufewa. Yaro ya danna log, ya danna 2, ya danna alamar rabawa, ya sake danna log, ya sa 1.05, ya nemi amsa. Abin da ke kan allo shi ne:

```
log(2÷log(1.05
```

Ita kuwa na'urar ba za ta ce uffan ba. Sai ta rufe bakunan biyu a can ƙarshe, ta ɗauka abin da kake nufi kenan. Ta fara nemo log 1.05, wato 0.02119, ta raba 2 da shi ta samu 94.39, sannan ta ɗauki log na wannan ta miƙo maka 1.97. Tambayar da ta amsa daban, wadda aka yi maka daban. Abin da ya kamata a gani a allon shi ne:

```
log(2)÷log(1.05)
```

Dannawa ɗaya tal ce ta sauya amsar, bakar da ke bayan 2. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya game da waɗannan na'urori. In ka raba lamba da sifili, nan take za ta tsaya ta rubuta maka kuskure a allo. Amma in ka bar baka a buɗe, abin da ya sauya ma'anar lissafin gaba ɗaya, sai ta yi shiru ta ba ka amsa mai alƙaluma goma reras, wadda ta yi kama da gaskiya. Wanda ya tsara na'urar da za ta buɗe wa yaro baka ba da saninsa ba, me ya hana shi sa ta yi gargaɗi in ba a rufe ba?

Amma ba zan ɗora wa na'ura laifin duka ba, domin mu malamai da masu rubuta littattafan lissafi muna da kaso babba. A littafi da kan allon aji, log 2 muke rubutawa a sama, mu ja layi, mu rubuta log 1.05 a ƙasa. Babu baka ko ɗaya. Layin nan da muka ja shi ne yake aikin baka, shi yake raba na sama da na ƙasa, kuma ba mu taɓa faɗa wa yaro haka ba. Muna ɓata makonni a kan dokokin logaridim, amma minti goma na "ku fito da kalkuletocinku mu danna tare" ya gagare mu. Mun ɗauka tunda yaro ya iya latsa waya, ya iya wannan ma. Ina! Sai ranar jarrabawa ya gamu da ita shi kaɗai, ba mai tambaya.

Sai maganar ln da log, wadda ita ma ta kwashe nata rabon a takardun nan. Maɓallan biyu maƙwabtan juna ne a jikin na'urar, kuma yara da yawa sun ɗauka abu ɗaya ne aka rubuta iri biyu. Ba haka ba ne. A kalkuleta, log tushensa 10 ne, yana tambayar sau nawa za a ninka 10 da kanta kafin a kai wannan lambar, shi ya sa log 100 yake ba da 2. Shi kuwa ln tushensa e ne, lambar nan da ta fara da 2.718, don haka ln 100 yake ba da 4.605. Kowace lamba ka ɗauka, ln ɗinta ya ninka log ɗinta sau 2.303 ko kusa da haka.

Na gano inda ruɗin yake samo asali, kuma tarko ne na gaske. A tambaya irin tamu, in ka yi amfani da ln sama da ƙasa, 0.6931 a raba da 0.04879, amsar 14.21 ce dai, domin 2.303 ɗin da ke sama ya kashe wanda ke ƙasa. Yaro ya gwada sau ɗaya ya ga amsa ba ta canza ba, shi kenan ya yanke hukunci cewa duk wanda ya danna daidai ne. Ran da hannunsa ya zame ya sa ln a sama, log a ƙasa, sai ya samu 32.71. Wata yarinya mai ƙoƙari sosai haka ta rubuto mini, har da jan layi biyu a ƙarƙashi. Wanda ya juya su kuma ya samu 6.17.

In kuwa logaridim ɗin shi kaɗai ne a lissafin, babu abokin da zai kashe bambancin, to nan ɓarnar ta fi muni. Ɗauki pH, ma'aunin ƙarfin asid a ruwa, a darasin kimiyyar sinadarai. Ma'anarsa a kan tushe 10 aka gina ta: log na yawan haidurojin ake ɗauka, a juya alamarsa. Ruwan da yawan haidurojin ɗinsa ya kai 0.001, pH ɗinsa 3 ne, asid ne sosai. Danna ln a maimakon log, sai ka samu 6.91, dab da 7, wato ka mayar da asid kamar tsabtataccen ruwa. Wannan ba asarar maki kaɗai ba ce. Yaron nan gobe shi ne zai tsaya a ɗakin gwaje-gwaje. Kuma kada a ce ruɗin na yara ne kawai, manya ne suka shuka shi: a littattafan lissafi na jami'a da yawa, da kuma harsunan kwamfuta irin su Python, in aka rubuta log to ln ake nufi. Suna ɗaya, ma'ana biyu, kuma ba wanda ya ga ya dace ya ja kunnen mai koyo.

Fawa kuma, wato ƙaramar lambar nan da ke zama a kafaɗar wata, tata matsalar ta fi ban haushi, domin ta danganta da irin na'urar da ke hannunka. A tambaya ta biyu na ce a nemo abin da 1000 zai zama bayan shekara 3 da wannan ƙarin na kashi 5. Amsar 1157.625 ce, in an danna haka:

```
1000×(1+5÷100)^3
```

Wanda ya zubar da bakunan ya samu 1000.000005, saboda na'urar fawa take fara yi kafin rabawa da tarawa, sai ta ɗora 3 ɗin a kan 100 kaɗai. Haka 8 a fawar ɗaya bisa uku: a na'urar da ke rubuta komai a layi guda, in ba ka sa 1÷3 cikin baka ba, 2.667 za ta ba ka a maimakon 2. To amma a sababbin da ke nuna lissafi kamar yadda yake a littafi, matsalar juyewa take yi. Da ka danna fawa, alamar rubutu ta haye sama cikin ɗan akwati, kuma can za ta zauna har sai ka danna kibiyar dama ka sauko da ita. Wani yaro ya fara da 1.05, ya sa fawa 3, ya ci gaba da sau 1000 bai sauko ba. Na'urar ta yi masa 1.05 a fawar 3000, ta ba shi lamba mai alƙaluma 64, shi kuma ya kwafe ta da zuciya ɗaya. Da na tambaye shi, sai ya ce, "Malam, ai ba tawa ba ce, aro na yi da safe." Na'urar da bai taɓa riƙewa ba ya shiga gwaji da ita.

Nan ne fushina ya dawo kan ɗaliban su ma, domin ƙauna ba ta hana faɗin gaskiya. Yaya za a yi ka rubuta cewa abin da ke ƙaruwa da kashi 5 a shekara zai ninka kafin shekara biyu, hankalinka bai ce maka tsaya ba? Kashi 5 sau biyu, kashi 10 ne da ɗan ɗoriya. Ina 10, ina 100? Ba a buƙatar logaridim kafin a ga wannan. Kuma na'urar da ta ba ka amsar tana hannunka, mayar mata da amsar ka gani. Danna 1.05 a fawar 1.97, za ka ga 1.10, ba 2 ba. Danna 1.05 a fawar 32.71, za ka ga 4.93. Danna 1.05 a fawar 14.21, sai ga 2 ta fito, da ɗan burbushi a bayan ɗigo. Daƙiƙa goma wannan zai ci maka. A duk tarin takardun da na duba, ban ga hannu ɗaya da ya yi wannan gwajin a gefen shafi ba, kuma na san dalili, ba mu taɓa ba da maki a kansa ba.

Darasin da na shirya na mako mai zuwa na ajiye shi. Kowa zai zo da kalkuletar da zai shiga jarrabawa da ita, ba ta aro ba. Za mu fara da danna log 100 da ln 100, kowa ya faɗi abin da ya gani. Sannan 8 a fawar ɗaya bisa uku, don kowa ya san halin tasa, mai hayewa sama ce ko mai layi guda. Sannan mu koma kan tambayar ninkawar nan, kuma ba wanda zai taɓa maɓallin amsa sai ya karanta mini abin da ke kan allonsa da babbar murya, baka bayan baka, ya ƙirga waɗanda aka buɗe da waɗanda aka rufe.